Yadda ake tsara darasin magana da Turanci: daga riƙe linzami zuwa sakinsa

Duk malamin da ya koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne ya san wannan aji. Ka faɗi jimla, su amsa da ƙarfi har ajin gaba ya ji. Ka sauya kalma, su sauya tare da kai, ba ko tuntuɓe. Sai ka ce, to yanzu kowa ya juya ya yi hira da na kusa da shi, nan take wuri ya yi tsit. Wasu su dubi littafi, wasu su koma harshensu na gida, mutum biyu ko uku da dama can sun iya su ci gaba da surutu. Yawanci ba ɗaliban ne da laifi ba. Tsarin darasin ne ya yi tsalle daga amshi zuwa hira, bai bi ta matakan da ke tsakani ba.

A nan za mu tsara darasi guda na minti 60, ga aji mai ɗalibai 30 da ke matakin A2, wato mataki na biyu daga ƙasa cikin matakai shida na ma'aunin iya harshe na CEFR da Majalisar Turai ta fitar a 2001. Ɗalibin wannan mataki yana iya gajerun jimloli a kan rayuwarsa ta yau da kullum, ya kuma san yadda ake ba da labarin abin da ya wuce. Abin da za a koya shi ne tambayar mutum ko ya taɓa yin wani abu a rayuwarsa: *Have you ever…?*

Fara daga ƙarshen darasi

Kafin ka rubuta komai a kan gabatarwa, ka yanke shawarar abin da ɗalibai za su yi a minti 15 na hirar ƙarshe. Wannan ne zai nuna maka abin da ya kamata a yi atisaye a kai da abin da za a bari. Malamin da ya fara da nahawu yakan tara dokoki da jerin kalmomi, sai lokaci ya kusa ƙarewa ya tuna ana bukatar hira, ya ƙirƙiro wata tambaya a tsaye.

Ga aikin ƙarshe na darasinmu. Kowane ɗalibi zai rubuta abubuwa uku da ya ce ya taɓa yi, biyu gaskiya, ɗaya ƙarya. A rukunin mutum huɗu, sauran ukun za su yi ta yi masa tambayoyi har su gano wanne ne ƙaryar. Aikin yana da abubuwa biyu da hirar aji ke bukata: akwai abin da mai tambaya bai sani ba kuma yana son ya sani, akwai kuma sakamako, domin a ƙarshe za a zaɓa, a gane ko an canka. Umarni irin na "ku tattauna abubuwan da kuka taɓa yi" ba shi da ko ɗaya, shi ya sa yake mutuwa cikin minti biyu.

Yanzu ka zauna ka yi aikin da kanka, da baki, kamar kai ne ɗalibin, kana rubuta abin da ya fito. Za ka tarar ba jimla ɗaya ake bukata ba. Wani zai ce *I've ridden a horse*, ɗan'uwansa ya tambaye shi *When did you ride it?* ko *Where was it?* Wato da zarar an shiga bayanin yaushe da ina, hira ta bar tsarin da ka zo koyarwa ta koma na labarin abin da ya wuce a wani sanannen lokaci. Wannan sauyin shi ne wurin da ya fi wuya a darasin gaba ɗaya, kuma da ba ka gwada aikin ba, da ba za ka sa shi a atisaye ba. Daga nan ka fitar da abin da za ka koyar: tambayar, gajerun amsoshi biyu, *Yes, I have* da *No, I haven't*, tambayoyin bi-baya uku ko huɗu, da kalmomin aikatau kamar takwas. Takwas sun isa. Ka zaɓi waɗanda za su haifar da labari, irin su *ridden, flown, lost, broken, met, won, seen, swum*. Jerin kalmomi 40 da ke bayan littafi na wata rana ne.

Rabon lokaci zai iya zama haka: minti 5 na buɗewa, 10 na gabatarwa, 10 na atisayen da kake riƙe da shi, 12 na matakin tsakiya, 15 na hira, 8 na gyara. Amma abin da ya fi rabon amfani shi ne ka rubuta a gefen takardarka ainihin ƙarfe nawa hirar za ta fara. Idan darasi ya fara ƙarfe 10:00, ka rubuta 10:37. Idan lokacin ya yi, ko ina kake, ka tsallaka can. Abin da ke ƙarshen darasi shi ne kullum ake yankewa idan lokaci ya ƙure, a nan kuwa abin da ke ƙarshen shi ne dalilin darasin.

Buɗewa da gabatarwa

Nan ba wurin daɗewa ba ne. Ka ba da labarin wani abu da ya taɓa faruwa da kai cikin jimloli huɗu ko biyar, misali ranar da makullinka ya ɓace, ka tambayi mutum biyu ko su ma ya taɓa faruwa da su. Sun ji tambayar a muhallinta kafin su gan ta a rubuce. Sannan ka rubuta gajeriyar hira a allo, layi shida:

*A: Have you ever lost your keys?*
*B: Yes, I have.*
*A: When did you lose them?*
*B: Last year.*
*A: What did you do?*
*B: I called my brother.*

Kada ka tambaya "kun gane?" domin kowa zai gyaɗa kai. Ka yi tambayoyin da amsarsu za ta tona ko an gane: layin farko, yana tambaya a kan abin da ya wuce ne ko abin da zai zo? Mai tambayar ya san lokacin? A wane layi ne aka fara maganar lokaci, kuma me ya sauya a kalmar aikatau? Idan duk ajin harshe ɗaya suke ji kuma kai ma kana jinsa, ba laifi ka yi wannan bayani da shi cikin rabin minti. Ya fi ka shafe minti biyar kana kewaye-kewaye da Turancin da ya fi abin da kake koyarwa wuya.

Atisayen da malami ke riƙe da linzami

A wannan mataki amsa ɗaya ce daidai, kuma ka san ta kafin a faɗa. Manufarsa baki ya saba, ta yadda idan an zo hira hankalin ɗalibi zai tafi ga abin da yake son faɗa, ba ga haɗa kalmomi ba.

Fara da amshi na duk aji, sannan rabin aji, sannan ɗaiɗaiku ba bisa jerin zama ba. Idan jimlar ta yi musu tsawo, ka gina ta daga ƙarshe: *a horse?*, sai *ridden a horse?*, sai *ever ridden a horse?*, sai duka. Ana farawa daga baya ne saboda hawan muryar tambaya yana ƙarshen jimla, kuma ta haka ba ya lalacewa. Ka kuma lura da yadda kai kanka kake furtawa. A maganar yau da kullum *have you* a nan ba a danna su, nauyin yana kan kalmar aikatau da abin da ke biye da ita. Malamin da ya rarrabe kowace kalma don a ji da kyau yana koyar da furucin da ɗalibai ba za su ji a bakin kowa ba a wajen aji.

Bayan amshi sai sauya kalma. Ka ɗaga hoton jirgin sama, su ce *Have you ever flown in a plane?* Ka ɗaga hoton kofin gasa, su kawo *won*. Hoto ya fi rubutacciyar kalma, domin yana tilasta wa ɗalibi ya nemo kalmar daga kansa. A nan kuskure ba ya kwana: wanda ya ce *Have you ever rode*, ka tsayar da shi nan take. Sai dai akwai bambanci a yadda ake tsayarwar. Binciken da Roy Lyster da Leila Ranta suka wallafa a 1997, a azuzuwan da ake koyar da yara da Faransanci a Kanada, ya nuna cewa gyaran da malamai suka fi yi shi ne maimaita maganar ɗalibi a gyare, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi barin ya wuce ba tare da sun gyara da bakinsu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗalibi yakan ɗauka malam yana tabbatar da maganarsa ne kawai. Don haka ka faɗi jimlar har zuwa wurin kuskuren, ka tsaya, ka ɗaga gira, ka bar shi ya ƙarasa. Kuma ka jira. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin azuzuwan kimiyya a Amurka, ta gano cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Wanda ke amsawa da harshen da ba nasa ba ya fi kowa bukatar waɗannan daƙiƙu.

Kada ka bar wannan mataki duka a tsakaninka da aji. Lissafin mai sauƙi ne. Minti 10 daƙiƙa 600 ne. Idan kana tambayar ɗalibai 30 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami daƙiƙa 20, har da lokacin da kai kake magana a ciki. Idan suka yi bibbiyu, kowa ya sami kusan minti 5. Saboda haka bayan minti huɗu na amshi, ka sa mutum biyu daga ɓangarori daban na aji su yi hirar allo kowa yana ji, sannan kowa ya yi da na kusa da shi. Suna cikin yi, ka riƙa goge kalmomi daga allo: da farko *ever* da *lost*, zagaye na biyu rabin kowane layi, na uku a bar harafin A da B kawai. Su kan yi dariya idan suka ga allo ya zama wayam amma bakinsu bai tsaya ba.

Ta yaya za ka san lokacin wucewa ya yi? Ka zaga ka saurari waɗanda ka san su ne masu rauni, ba na sahun gaba ba. Idan suna kawo tambayar ba tare da kallon allo ba, ko da da ɗan jinkiri, ka wuce. Idan kuma muryoyi sun fara zama kamar waƙa, ana faɗa ana kallon taga, ka riga ka wuce gona da iri.

Matakin tsakiya, inda darasi ke tashi ko ya faɗi

Ka yi tunanin abubuwan da ɗalibi ke dogara da su a atisayen da ya gabata. Huɗu ne: jimlar tana rubuce a gabansa, kai ka zaɓa masa abin da zai faɗa, ya san amsar da za a ba shi, kuma kana tsaye kana gyara. A hirar ƙarshe duk huɗun ba su nan. Shirun da muka ambata a farko yana faruwa ne idan aka janye su duka a lokaci guda. Aikin matakin tsakiya shi ne a janye su ɗaya bayan ɗaya.

Ka raba wa kowa takarda mai layi takwas, ko ka rubuta a allo su kwafa. Kowane layi yana ɗauke da kalmar aikatau a sifarta ta asali, misali *ride a horse, lose a phone, meet a famous person, break a bone*, sai gurbin suna, sai gurbin ƙarin bayani. Layi biyu na ƙarshe ka bar su ba komai, kowa ya sa nasa. Ɗalibai za su tashi su zaga, su nemi wanda zai ce *Yes, I have*, su rubuta sunansa, su yi masa aƙalla tambayar bi-baya ɗaya, su rubuta amsar cikin kalma biyu ko uku. Suna ɗaya ba ya fitowa fiye da sau biyu, in ba haka ba abokai biyu za su cike takardunsu a zaune.

Dubi abin da ya sauya. Jimlar ba ta nan a rubuce, shi zai mai da *ride* ta zama *ridden*. Amsar ba a san ta ba, ta gaskiya ce. Amma har yanzu kai ka zaɓi yawancin batutuwan, tsarin tambayar kuma ɗaya ne. Layuka biyun da aka bari su ne farkon zaɓin kansa, kuma daga su za ka ji tambayoyin da suka fi daɗi a darasin.

Kada ka yi dogon bayanin yadda ake yi. Ka ɗauki takarda, ka je wurin ɗalibi, ka yi tambaya, ya ce a'a, ka wuce wurin wani, ya ce e, ka rubuta sunansa kowa yana gani. Sannan ka tambayi aji: idan ya ce a'a, za a rubuta sunansa? Bayan e, me za a yi? Ka ba da umarni kafin ka raba takarda, domin da zarar takarda ta shiga hannu, idanu sun bar ka. Idan aji ya cika ƙwarai har ba wurin zagawa, sahu ɗaya su juya su fuskanci na bayansu, bayan kowane minti biyu sahu ɗaya ya matsa da kujera ɗaya.

Matsaloli uku ne suka fi fitowa a nan. Na farko, a daina tambaya gaba ɗaya, a riƙa nuna layi da yatsa ana cewa "kai fa?" Maganinsa a riƙe takarda a ƙirji, ba a nuna wa kowa. Na biyu, a manta da tambayar bi-baya. Za ka gane haka idan ka ga gurbin sunaye ya cika, na ƙarin bayani ba komai. Na uku shi ne wanda muka hango tun farko: *I have lost it yesterday*. Idan mutum ɗaya ko biyu ne, ka raɗa musu gyara ka wuce. Idan ka ji shi a kusurwa uku na aji, ka tsayar da kowa na minti ɗaya, ka sake rubuta layi na uku na hirar allo, sannan a ci gaba. Wannan ce dama ta ƙarshe da za ka tsayar da aji saboda nahawu.

Sakin linzami

Ka ba su minti uku su rubuta abubuwansu uku, a shiru. Wannan shiri ba ɓata lokaci ba ne. Ɗalibin da aka ce ya yi magana nan take yana fama da abu biyu, neman abin faɗa da neman yadda zai faɗa, kuma yakan sauƙaƙa wa kansa da "ban taɓa yin komai ba". Kalmomi kaɗan za su rubuta, ba labari ba, in ba haka ba hirar za ta koma karatu. A cikin waɗannan mintuna ne za ka zaga kana ba da kalmomin da aka nema. Ka goge allo kafin a fara.

Kowa yana da minti uku a rukuninsa, mutum huɗu minti 12 ke nan. Aji mai 30 zai ba ka rukunoni shida na mutum huɗu da biyu na mutum uku. Ka sa alama idan minti uku sun cika don kada mai baki ya cinye lokacin sauran, ka kuma ce kowane mai sauraro sai ya yi tambaya aƙalla biyu kafin a zaɓi ƙaryar. A nawa ganin, a wannan mataki gara a haɗa masu ƙarfi wuri ɗaya, masu rauni wuri ɗaya. Haɗa gwani da mai rauni yana da amfani a atisayen farko, amma a hira sau da yawa gwanin ne ke magana, ɗayan yana murmushi.

Kai kuma aikinka ya sauya, kuma wannan ne ya fi yi wa malamai wuya. Ka tsaya a gefe ko bayan rukuni, ba a gabansu ba, domin da sun ga fuskarka za su daina yi wa juna magana su koma yi maka. Kada ka gyara. Ka riƙe takarda kana rubuta abin da ka ji: jimloli masu kyau, da kurakuran da suka shafi darasin yau. Ba ka sa baki sai idan hira ta tsaya cik, ko rukuni ya koma harshen gida gaba ɗaya. Kalma ɗaya ko biyu da harshen gida don neman taimako ba abin tayar da hankali ba ne.

Wani lokaci za ka ji hira ta yi armashi, ana dariya, amma *ever* ba ta fito ko sau ɗaya ba. Kafin ka yanke cewa darasi ya lalace, ka duba aikin. A namu, jimlolin farko uku ne ke bukatar sabon tsarin, sauran tambayoyin na labarin abin da ya wuce ne, kuma haka masu harshen suke yi. Idan kana son tambayar ta ƙara fitowa, ka ƙara doka ɗaya: bayan an bayyana ƙaryar, mai labarin ya tambayi sauran ko su sun taɓa yin abin. Amma ɗalibin da ya isar da saƙonsa ta wata hanya daidai bai yi laifi ba. Da zarar ka ce dole kowace jimla ta ɗauki tsarin yau, ka koma atisaye, ko da ka kira shi hira.

Minti takwas na ƙarshe

Fara da abin da aka faɗa kafin yadda aka faɗa. Wa ya yaudari rukuninsa duka? Wane labari ne aka ɗauka ƙarya ne ashe gaskiya ne? Idan ka tafi kai tsaye ga kurakurai, ɗalibai za su fahimci cewa ba ka saurari labarinsu ba, nahawunsu kawai kake farauta, kuma a darasi na gaba za su yi magana da taka-tsantsan.

Sannan ka rubuta jimloli shida daga takardarka, biyu daidai, huɗu masu kuskure, ba tare da sunan kowa ba. Ka ɗan sauya kalma idan jimlar za ta tona mai ita. Bibbiyu su gano masu kuskuren su gyara. Idan da sauran minti uku, kowa ya sami sabon abokin hira ya sake ba da labarinsa na gaskiya guda ɗaya. Karo na biyu yakan fi na farko santsi, domin an riga an san abin faɗa, hankali ya koma ga yadda za a faɗa.

Kada ka yi mamaki idan mako mai zuwa ka sake jin *Have you ever went*. Wannan ne babban sukar da ake yi wa wannan tsarin darasi tun da daɗewa: iya faɗin abu a ƙarshen darasi bai nuna ya zauna ba. Masu koyarwa ta hanyar aiki, irin su Jane Willis a shekarun 1990, sun ba da shawarar a juya tsarin, a fara da aikin, a ga abin da ɗalibai suka rasa, sannan a koyar da shi. Ga ajin da ya taɓa haɗuwa da wannan tambaya a baya, hakan ya fi: ka fara da wasan gaskiya biyu da ƙarya ɗaya, ka saurara, ka yi atisaye a kan abin da ya karye kawai, sannan a sake wasan da sababbin rukunoni. Ga ajin da yau ne farkon jinsa, ka bi jerin yadda yake a sama, ka ajiye takardar kurakuran da ka rubuta, ka buɗe darasi na gaba da minti biyar na tambayoyin nan da kalmomin aikatau huɗu sababbi, sannan ka sake dawo da su bayan mako biyu.